Mai Gadi a Ƙofar Kod: Yadda Muka Daina Gardama a Kan Waƙafi da Tazara

Mu huɗu ne a wani ɗan ofis a Kano, muna rubuta manhajar da za ta riƙa ajiye wa 'yan adashe lissafinsu. Wata ranar Laraba ƙaramin cikinmu ya turo aikinsa don a duba, kamar yadda muka saba kafin a haɗa aikin kowa da na sauran. Mu uku muka taru a kansa. Wannan ya ce layin ya yi tsawo, wancan ya ce ai bayan waƙafi ana barin tazara, ni kuma na kafe a kan cewa alamar zance mai ƙwaya biyu ya kamata ya sa, ba mai ƙwaya ɗaya ba. Yaron ya gyara, ya sake turowa, aka sake samo masa wani abu. Can da la'asar ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaya, don Allah ku rubuta mini dokar a wuri ɗaya in bi. Jiya wanda ya duba ya ce in yi haka, yau kai ka ce in warware."

Maganarsa gaskiya ce, kuma ta tsaya mini a rai. Abin da ya fi damuna ya zo bayan kwana biyu, da manhajar ta tsaya cak a gaban mai amfani da ita. Da muka bincika sai muka ga a cikin wancan aikin da muka yini muna dubawa akwai suna ɗaya da aka rubuta ba daidai ba, harafi guda ya ƙaru. Mu uku mun zuba ido a kan layin, babu wanda ya gani, saboda hankalinmu duk yana kan tazara da alamar zance.

Ga wanda bai san sana'ar ba, bari in ɗan buɗe maganar. Manhaja rubutu ce, umarni ne bi da bi da mutum ke rubuta wa kwamfuta, kuma masu sana'ar suna kiran wannan rubutu kod. Idan mutane da yawa suna aiki a kan kod ɗaya, suna amfani da wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, don ta riƙa adana tarihin duk wani canji: wa ya taɓa wane layi, yaushe, da wane dalili. Duk lokacin da mutum ya gama wani yanki na aiki ya shigar da shi cikin wannan tarihi, ana cewa ya yi kwamit. Kamar dai ɗan kasuwa ne ya rubuta cinikin da ya yi a littafin shago ya sa hannu.

To, Git yana da wata baiwa da mutane da yawa ke shekaru suna aiki da shi ba su taɓa ta ba. Kafin ya karɓi kwamit, yana leƙa wata jaka mai suna `.git/hooks` ya ga ko an ajiye masa wani umarni da zai fara gudanarwa. Irin wannan umarni shi ake kira huk. Idan huk ɗin ya gama ya ce lafiya lau, kwamit ya shiga. Idan ya ce akwai matsala, Git ya ƙi karɓa sai an gyara. Ni mai gadi nake kiransa, domin aikinsa ke nan: ya tsaya a bakin ƙofa ya duba kaya kafin su shiga rumbu.

Matsala ɗaya ita ce wannan jaka ba ta bin aiki idan wani ya kwafe shi zuwa kwamfutarsa. Huk ɗin da na rubuta a tawa kwamfutar a nan zai tsaya, abokin aikina ba zai same shi ba. Wannan giɓi ne wata manhaja mai suna `pre-commit`, wadda Anthony Sottile ya rubuta da harshen Python, ta zo ta cike. Ana rubuta jerin abubuwan da ake so a duba a cikin fayil ɗaya, fayil ɗin ya shiga cikin aikin kamar kowane fayil, kowa ya samu irin na kowa. Abin da yaronmu ya roƙa ke nan, a rubuta dokar a wuri ɗaya.

Kafin a kai ga fayil ɗin, akwai abu biyu da ya kamata a raba, domin haɗa su shi ke rikita mutane. Akwai mai shirya rubutu, akwai kuma mai neman kuskure, wanda 'yan sana'a ke ce wa linta. Mai shirya rubutu ba ya tambayar kowa, yana kama fayil ya daidaita tazara, ya karya dogon layi, ya mayar da alamomin zance iri ɗaya, ba tare da ya canja abin da kod ɗin ke yi ba. Linta kuwa, irin wanda muka ɗauka, karantawa yake yi ya nuna wurin da ya ga alamar matsala, gyaran ya bar wa mutum. Na farko shi ke kashe gardama. Na biyu shi ke kama irin abin da ya kunyata mu.

Da yake da Python muke aiki, mun ɗauki Black a matsayin mai shirya rubutu. Łukasz Langa ne ya fito da shi a 2018, kuma abin da ya bambanta shi shi ne da gangan aka hana shi yawan zaɓi. Tsawon layi harafi 88 ne, alamar zance mai ƙwaya biyu ce, kuma kusan babu wani abin murɗawa. Da farko wannan ya yi wa ɗayanmu zafi, domin shi ya saba da ƙa'idar PEP 8 ta shekarar 2001, wadda ta ce layi kada ya wuce 79. Amma a ganina ƙarancin zaɓin nan shi ne amfaninsa gaba ɗaya. Da mun ɗauki abin da ke da maɓallai hamsin, da gardamar ta tashi daga kan kod ta koma kan maɓallan. Masu harshen Go sun daɗe da gane haka, tun da harshensu ya zo da `gofmt` a jikinsa, masu JavaScript kuma da yawansu sun koma ga Prettier tun bayan fitowarsa a 2017.

Wani ƙaramin abu ya sa ni kaina na ƙara yarda da zaɓin Black. Saƙonnin manhajarmu da Hausa muke rubuta su, Hausa kuwa cike take da hamza: jama'a, ma'aji, 'ya'ya, sana'a. Idan ka kewaye irin waɗannan kalmomi da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, Python zai ɗauka zancen ya ƙare a tsakiyar kalma, sai ka sa wata karkatacciyar sanda kafin kowace hamza. Da mai ƙwaya biyu babu wannan wahala.

Ga fayil ɗin da muka rubuta, sunansa `.pre-commit-config.yaml`, kuma a tushen jakar aiki yake zama:

```yaml
repos:
  - repo: https://github.com/psf/black
    rev: 24.10.0
    hooks:
      - id: black
  - repo: https://github.com/PyCQA/flake8
    rev: 7.1.1
    hooks:
      - id: flake8
```

Abin da yake cewa mai sauƙi ne. A ɗauko Black daga wuri kaza, fitowa ta kaza, a gudanar da shi. Sannan a ɗauko linta mai suna Flake8, shi ma fitowa ta kaza. Jerin yana da ma'ana, domin bi da bi ake gudanar da su. Black ne a gaba don ya share duk wani ƙorafi na tazara, ta yadda idan Flake8 ya zo abin da zai faɗa zai zama mai nauyi ne kawai.

Bayan haka kowane ɗayanmu ya buga umarni biyu a kwamfutarsa, sau ɗaya tak:

```
pip install pre-commit
pre-commit install
```

Na farko ya sauko da manhajar, na biyu ya dasa mai gadin a cikin `.git/hooks`. A nan akwai abin da ya shafe mu mu da muke ƙirga data. Karon farko da huk ɗin zai yi aiki sai ya sauko da Black da Flake8 daga intanet ya ajiye su a `~/.cache/pre-commit`, kuma wannan kan ɗauki 'yan mintuna. Idan hakan ya faɗo a lokacin da sabis ya yi rauni, mutum zai ga kwamit ɗinsa ya maƙale ya zaci wani abu ya lalace. Saboda haka gara a buga `pre-commit install --install-hooks` tun ana ofis inda intanet ke da ƙarfi, a sauko da komai a wuce wurin. Daga nan ko babu intanet yana aiki.

Yanzu mu ɗauki ainihin irin kod ɗin da ya jawo mana rigima mu ga yadda mai gadi zai yi da shi. A ce fayil ɗin sunansa `adashe.py`, aikinsa kuma ya lissafa kuɗin da aka tara a mako, wato yawan mambobi sau zubin kowa:

```python
import os
def kudin_mako(mambobi,zubi = 500):
    print('Jama\'a sun zuba')
    return len(mambobi)*zubii
```

Mai rubutu ya buga `git add adashe.py`, ya buga `git commit`. Maimakon kwamit ya shiga, sai allo ya nuna masa wannan:

```
black....................................Failed
- hook id: black
- files were modified by this hook
```

Kalmar `Failed` tana fitowa da ja, kuma tana firgita sabon shiga. Ba laifi aka kama shi da shi ba. Abin da ake gaya masa shi ne Black ya taɓa fayil ɗin, don haka abin da ke kan kwamfutarsa yanzu ya bambanta da wanda ya miƙa wa Git, kuma ana so ya gani da idonsa kafin ya sake miƙawa. Idan ya buɗe zai tarar da haka:

```python
import os


def kudin_mako(mambobi, zubi=500):
    print("Jama'a sun zuba")
    return len(mambobi) * zubii
```

Tazara ta daidaita, sandar da ke gaban hamza ta tafi, an bar layi biyu a sarari kafin aikin ya fara. Duk abin da mu uku muka yini muna faɗa, an gama shi kafin mutum ya kai kofin shayi baki. Black kuma yana da wani tsaro a cikinsa: bayan ya gyara, yana gwada ginin sabon kod da na tsohon ya tabbatar ma'anarsu ɗaya ce, in ba haka ba ya ƙi rubutawa.

A ƙasan wancan saƙo akwai na Flake8, kuma shi ne mai muhimmanci:

```
adashe.py:1:1: F401 'os' imported but unused
adashe.py:6:27: F821 undefined name 'zubii'
```

Layin farko yana cewa an jawo wani kayan aiki mai suna `os` ba a yi amfani da shi ba, a cire shi. Na biyu yana cewa a layi na 6, harafi na 27, an kira wani suna `zubii` wanda ba a taɓa gabatar da shi ba. A sama `zubi` aka rubuta. Python ba ya tsayawa a kan irin wannan kuskure sai ranar da aka zo gudanar da wannan layin, shi ya sa namu ya kwanta shiru har ya kai gaban mai amfani. Mai rubutu zai cire harafin da ya ƙaru, ya share layin `os`, ya sake `git add` da `git commit`, komai ya nuna `Passed`, aiki ya shiga. Ba wanda ya yi masa gyara a gaban jama'a, ba wanda ya ji an raina masa wayo.

Sai dai kada a ɗora wa mai gadin abin da ba zai iya ba. Da yaron ya sa alamar tarawa a inda ya kamata ya sa ta ninkawa, mambobi goma da zubin 500 su ba da 510 maimakon 5,000, da Black da Flake8 duk za su bar shi ya wuce, domin rubutun daidai yake a ƙa'idar harshe. Wannan aikin gwaji ne da idon mutum. Ribar da muka samu ita ce idon ya huta daga ƙirga tazara ya koma kan lissafi.

Tuntuɓen farko da muka yi shi ne kayan aikin biyu suka saɓa wa juna. Black yana barin layi ya kai 88, Flake8 kuwa yana ƙorafi da lambar `E501` da zarar ya wuce 79. Sai ka ga ɗaya ya shirya layi, ɗayan ya ƙi shi, mutum ya rasa na bi. Haka kuma akwai wata tazara da Black ke sawa kafin aya biyu a wasu wurare, wadda Flake8 ke ƙi da lambar `E203`. Maganin shi ne wani ɗan fayil mai suna `.flake8`:

```
[flake8]
max-line-length = 88
extend-ignore = E203
```

Ƙa'idar da muka ɗauka daga nan ita ce duk abin da ya shafi siffar rubutu maganar Black ce ta ƙarshe, linta ya yi shiru a kai. Ko da haka `E501` zai riƙa fitowa jefi-jefi, saboda Black ba ya karya dogon sharhi ko dogon saƙo da ke cikin alamar zance, waɗannan da hannu ake raba su. Yau ƙungiyoyi da yawa suna amfani da Ruff, wanda Charlie Marsh ya fito da shi a 2022, yana haɗa ayyukan biyu kuma yana da sauri ƙwarai. Wanda zai fara sabon aiki yana iya ɗaukarsa, tsarin mai gadin bai canja ba.

Tuntuɓe na biyu ya fi girma, kuma shi ne tsohon kod. Mai gadi fayilolin da aka taɓa kawai yake dubawa. Idan ka gyara layi ɗaya a tsohon fayil da ba a taɓa shiryawa ba, Black zai sake shirya fayil ɗin gaba ɗaya, mai duba aikinka ya ga ɗaruruwan layuka sun canja ya rasa ina ne gyaranka na gaskiya. Hanyar da ta fi ita ce a sa rana. Kowa ya haɗa aikin da ke hannunsa ya rufe rassan da ya buɗe, domin duk reshen da aka bari zai yi karo da sabon tsarin a wurare da yawa. Sannan mutum ɗaya ya buga `pre-commit run --all-files`, ya yi kwamit guda wanda babu komai a cikinsa sai shirin rubutu. Ko kuskure ya gani a hanya kada ya gyara a ciki, ya bar shi ga kwamit na gaba.

Wata abokiyar aikinmu ta kawo ƙorafi mai tushe a ranar. Ta ce, "Malam, to yanzu in na tambayi Git wa ya rubuta layi kaza, ai sunanka zan riƙa gani ko'ina." Umarnin `git blame` take nufi, wanda ke nuna wanda ya taɓa kowane layi na ƙarshe, kuma da shi ake bin sawun dalilin da ya sa aka rubuta abu. Akwai magani. Tun fitowa ta 2.23 a 2019, ana iya gaya wa Git ya tsallake wasu kwamit idan yana wannan bincike. Ana rubuta cikakkiyar lambar kwamit ɗin shirin a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs`, kowa kuma ya buga wannan:

```
git config blame.ignoreRevsFile .git-blame-ignore-revs
```

GitHub ma yana gane fayil mai wannan suna da kansa. Masu Django, ɗaya daga cikin manyan ayyukan Python a duniya, haka suka yi lokacin da suka shirya kod ɗinsu da Black a watan Fabrairun 2022.

Layin nan na `rev` da ke cikin fayil ɗinmu ma ya cancanci a tsaya a kansa. Black yana ɗan sauya salonsa a fitowar farko ta kowace shekara. Idan ni ina da na bana a editana, abokina yana da na bara, fayil ɗaya zai riƙa kai da komo tsakaninmu, ni in adana ya koma haka, shi ya adana ya dawo haka. Alamar wannan cuta ita ce ka ga layukan da ba ka taɓa ba suna fitowa a cikin canjinka. Lambar `rev` ita ke ɗaure kowa a kan fitowa ɗaya. Idan lokacin sabuntawa ya yi, mutum ɗaya ya buga `pre-commit autoupdate`, ya sake shirya komai, ya tura a matsayin aiki mai zaman kansa. Kuma kada a bar shi ya tsufa da yawa. A watan Maris na 2022 wani kayan aiki mai suna Click, wanda Black ya dogara da shi, ya fitar da sabuwar fitowa, tsofaffin Black suka daina tashi a wuraren da aka girka su sabo, sai da mutane suka koma 22.3.0.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce ta fi shafar hali. Ana iya tsallake mai gadi. Duk wanda ya buga `git commit --no-verify` ya wuce ba tare da an duba shi ba, wanda kuma bai taɓa buga `pre-commit install` ba ma bai san da shi ba. Saboda haka dole a sami dubawa ta biyu a wurin da babu mai iya kaucewa, wato a saba inda ake haɗa aikin kowa. Mu a GitHub Actions muka sa umarnin `pre-commit run --all-files`, muka kuma hana haɗa duk aikin da bai wuce shi ba. Fayil ɗaya ne ke mulki a wuraren biyu, don haka abin da ya wuce a kwamfutarka zai wuce a can.

Amma na lura mutane ba sa tsallake mai gadi don taurin kai, sai idan ya zama mai jinkiri. Akwai lokacin da muka ƙara masa dukkan gwaje-gwajen manhajar, kowane kwamit ya koma jira, ga batirin kwamfuta yana ƙarewa ba wuta. Cikin mako guda kowa ya koyi `--no-verify`. Muka cire su muka mayar da su saba, muka bar wa ƙofa abin da ke gamawa cikin daƙiƙa kaɗan. Idan kuma larura ta sa dole a tsallake huk ɗaya, akwai `SKIP=flake8` da ake sawa a gaban umarnin kwamit, wanda ke barin sauran su yi aikinsu.

Har yanzu muna saɓani a kan salo, sai dai wurin yinsa ya canja. Wanda bai yarda da wata doka ba ba ya tare aikin ɗan'uwansa da ita, yana turo gyara ne a kan fayil ɗin dokar, mu zauna mu yanke sau ɗaya, abin da aka yanke ya hau kan kowa har da babban cikinmu. Ga duk wanda ke jagorantar 'yan kod, ko su biyu ne, roƙona shi ne ya ware rabin yini a makon nan, ya fara da mai shirya rubutu da linta ɗaya kawai, kuma ya zauna kusa da ƙaramin cikinsu ranar da zai fara ganin jan `Failed` ya bayyana masa abin da yake nufi.